Yadda ake bambance gajiyar aiki da gajiyar da ke buƙatar gwajin jini

A Jidda ko Makka, duk wanda ya ce ya gaji, amsar da zai samu ita ce "ai zafi ne". Sau da yawa gaskiya ne. Direban da ya kwana yana jigilar masu Umara, ko matar da ta yini a tsaye a kicin ɗin gidan aiki, dole jikinsu ya yi nauyi. Sai dai ƙarancin jini, matsalar tayirod da ciwon suga duk da kasala suke fara sallama, mutum ya yi ta ɗora wa zafi laifi har wata da watanni. Hanyar rarrabewa ita ce a duba abin da ke rakiyar gajiyar.

Mataki na farko, ka ba jikinka mako biyu. Ka samu barcin awa 7 zuwa 8, ko da sai ka cike da ƙailula bayan Azahar. Ka sha ruwa har fitsari ya daina yin ja, ka daina shayi da gahawa daga La'asar. Gajiyar aiki tana da dalili kuma tana jin magani: ranar Juma'ar da ka huta za ka ji ka warware. Wadda ke tashi da kai daga barci, ta bi ka har ranar hutu, ita ce abar tuhuma. Ka kuma tambayi abokin kwananka ko kana minshari mai ƙarfi numfashi yana ɗaukewa, domin wannan matsalar gwajin jini ba ya kama ta, haka ma damuwa da kewar gida.

Mataki na biyu, ka nemo abokan tafiyar gajiyar.

Ƙarancin jini a motsi yake bayyana. Benen da ka saba hawa yanzu sai ka tsaya a tsakiya kana haki, zuciya na dukan uku-uku. Ɗawafin da kake yi a tashi ɗaya ya koma sai da hutu, in ka miƙe da sauri jiri ya ɗebe ka. Ka tsaya gaban madubi ka ja fatar idonka ta ƙasa: cikinta ya kamata ya yi ja sosai, in ya koɗe ya yi fari-fari akwai alamar tambaya. Wata alamar da mata ke ɗauka kwaɗayi ne kawai ita ce son tauna ƙanƙara ko farar ƙasa, alhali tana yawan tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Mace mai jinin al'ada da ke wuce kwana 7 ko yake zuwa da gudaji, mai juna biyu da mai jego su ne a sahun gaba. Ɗabi'ar nan tamu ta kora abinci da shayi mai kauri tana ƙara dagula lamarin, domin shayi yana hana hanji tsotsar ƙarfen. A jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci.

Tayirod wata ƙwaya ce a gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, amma tana iya lalacewa ba tare da kumburi ba. In ta yi sanyin aiki komai na jiki sai ya yi sanyi. Kowa na neman a ƙara esi kai kana neman bargo, ƙiba na ƙaruwa ba don cin ya ƙaru ba, bayan gida ya yi tauri, fata ta bushe, gashi na zuba, ga mantuwa. In kuma ta yi gaggawa, sai rama duk da ci, rawar hannu, gumi da faɗuwar gaba. Ta fi kama mata, musamman a shekarar da suka haihu.

Ciwon suga kuwa fitsari ne ke tona shi. Ƙishirwa a wannan ƙasa ba labari ba ce, amma wanda zafi ya busar fitsarinsa kaɗan ne kuma ja. Mai suga yana sha yana zubarwa, ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare, fitsarin da yawa. Sai rama, gani dishi-dishi, ƙurjin da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba, ko tafin ƙafa ya riƙa zugi. Mutane da dama ba sa jin komai, shi ya sa wanda ya kai shekara 35, ko mai tumbi da iyayensa ke da suga, ya cancanci gwaji ko bai gaji ba.

Mataki na uku, in mako biyun sun wuce babu sauƙi, ko ka ga ɗaya daga waɗannan alamu, ka je mustausaf ka roƙi likita ya rubuta tahalil ɗin nan tare: CBC mai ƙirga ƙwayoyin jini, Ferritin mai auna ajiyar ƙarfe a jiki, TSH na tayirod, da sugan azumi ko HbA1c mai nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya. Sugan azumi ne kaɗai ke buƙatar awa 8 ba ci, ruwa zalla ba ya ɓata shi. Kada ka fara da saidaliyya ka sayi maganin ƙarin jini, zai rikita sakamakon. Mai shan ƙwayar gyaran gashi ta Biotin ta dakatar da ita kwana biyu kafin gwajin, domin tana gurɓata lissafin tayirod.

Mataki na huɗu, karanta takardar. Hb, wato sinadarin da ke sa jini ja, ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ko ƙasa da 11 ga mai ciki, ƙarancin jini ne. TSH yawanci tsakanin 0.4 ne da 4. In ya haura sama ƙwayar ta yi sanyi, in ya faɗi ta yi gaggawa, kuma likita zai ƙara gwajin FT4, mai auna sinadarin da tayirod ke fitarwa, don tabbatarwa. Sugan azumi 126 ko sama, ko HbA1c 6.5 ko sama, ciwon suga ne, amma akan maimaita kafin a yanke hukunci.

Ɗauki misalin mace mai shekara 38, tana aikin gida, al'adarta kwana 9, kullum kofin ƙanƙara na hannunta. Takardarta ta nuna Hb 9.8, MCV 72, Ferritin 6, TSH 2.1, HbA1c 6.0, sugan azumi 92. Tayirod lafiya lau. MCV, mai auna girman ƙwayoyin jini, ya nuna nata sun ƙanƙance, rumbun ƙarfe kuma ya ƙare, tunda Ferritin ƙasa da 15 fanko ne. Wannan 6.0 ɗin zai iya tsorata ta, amma ƙarancin ƙarfe kansa yana ɗaga HbA1c, kuma sugan azuminta daidai yake, don haka a sake aunawa bayan jinin ya dawo. Mai sikila ko mai ɗauke da AS ma ya faɗa wa likita, domin gwajin HbA1c yana iya yin ƙarya a jininsa. Za a ba ta ƙwayar ƙarfe, bayan gidanta zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. A sake auna Hb bayan kamar wata guda, ta ci gaba da sha wata uku bayan ya daidaita don rumbun ya cika, a kuma binciki dalilin yawan jinin al'adar, in ba haka ba ana zuba ruwa ne a kwando.

Da namiji ne ko macen da ta daina al'ada ke da wannan sakamakon, tilas a nemo inda jinin ke zurara a ciki ko hanji. Da kuma MCV ya yi ƙasa amma Ferritin na nan daidai, sai a duba talasimiya, wata cutar jini da ake gado, wadda ƙwayar ƙarfe ba ta yi mata komai.

Akwai gajiyar da ba a yi mata jiran mako biyu: wadda ta zo da ciwon ƙirji, haki kana zaune, suma, bayan gida baƙi kamar kwalta ba tare da shan ƙarfe ba, ko ƙishirwa mai tsanani da amai da ruɗewa. Wannan a wuce sashen gaggawa kai tsaye, ko a kira motar asibiti a 997.