Darasi na Takwas: Daidaita Takardar Dila da Littafin Bashinku

A darasin baya mun koyi yadda ake buɗe wa kowane dila shafinsa a littafin bashi, a rubuta kayan da aka karɓa a gefe ɗaya, kuɗin da aka biya a ɗaya gefen. Yau za mu ga abin da ake yi idan wata ya ƙare, dila ya aiko da tasa takardar lissafi, sai aka tarar jimillarsa daban, taku daban.

Mu ɗauki misalin wani mai shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari, nan Zariya. Yana saro kaya bashi daga wani dila a kasuwar Singa ta Kano, mota ta kawo masa, ya biya a hankali. Ƙarshen wata dila ya aiko da takarda cewa yana bin sa naira 741,000. Shi kuwa da ya buɗe littafinsa, naira 375,000 ya gani. Bambancin ya kai naira 366,000. Mutane da yawa a nan suke ɗaukar waya su fara faɗa, wasu kuma kunya ta sa su biya abin da aka ce. Mai shagon nan bai yi ko ɗaya ba. Ya jira sai da ya rufe shago, ya ajiye abu huɗu a gabansa: takardar dila, littafinsa, rasit-rasit na kayan da aka kawo a watan, da wayarsa mai saƙonnin banki.

Abin da ya fara dubawa shi ne bashin da ya kwana daga watan jiya. A takardar dila naira 120,000 ne, a littafinsa ma haka. Wannan ya nuna masa cewa matsalar a cikin wannan watan take. Da a ce tun nan lissafin ya saɓa, dole ya koma watan baya ya warware shi tukuna.

Ga abin da ke cikin takardar dila bayan wancan tsohon bashi:

Rasit mai lamba 311, ranar 3 ga wata, 240,000
Rasit mai lamba 327, ranar 9 ga wata, 85,000
An biya, ranar 12 ga wata, 300,000
Rasit mai lamba 340, ranar 15 ga wata, 150,000
Rasit mai lamba 340, ranar 17 ga wata, 150,000
Rasit mai lamba 352, ranar 22 ga wata, 96,000
Rasit mai lamba 361, ranar 26 ga wata, 200,000

Sai ya ɗauki fensir yana bi layi-layi. Duk layin da ya samu a wuri biyun, lamba ɗaya, kuɗi ɗaya, sai ya sa masa alama a takarda, ya sa a littafi. Ku lura, da lambar rasit ake nema, domin kuɗi na iya zuwa iri ɗaya sau biyu a wata guda. Lamba 311 ta dace, 327 ta dace, biyan 300,000 ya dace, 340 ta ranar 15 ita ma ta dace. Layi uku suka rage a takardar dila babu alama, layi biyu a littafinsa.

Na farko shi ne lamba 340 da ta sake fitowa ranar 17. Rasit ɗaya ba ya ɗaukar kaya biyu, saboda haka akwai alamar an shigar da shi sau biyu. Hakan na faruwa idan yaron dila ya rubuta ranar da aka yi lodi, wani kuma ya sake rubutawa ranar da kwafin takardar ya dawo daga hannun direba. Duk da haka mai shago bai yanke hukunci nan take ba. Ya duba ko wata mota ta sauke masa kaya tsakanin 15 da 17, ya ga sau ɗaya aka sauke, rasit ɗaya ne kuma a hannunsa. A nan ya tabbata maimaici ne. Da lambobin sun bambanta, kuɗin ne kawai ya zo ɗaya, to wataƙila kaya biyu ne na gaskiya, sai a ƙirga saukewa kafin a yi magana.

Na biyu, lamba 352 ta naira 96,000, babu ita sam a littafinsa. Kada ku yi saurin kwafe irin wannan zuwa littafinku don kawai dila ya rubuta, domin yakan yiwu kayan wani abokin ciniki ne mai suna irin naku aka ɗora muku. Tambayar ita ce: kayan sun shigo shago? Ya tuna ranar 22 ya je ɗaurin aure Tudun Wada, yaron shago ne ya karɓi kaya. Washegari da ya tambaye shi, sai ga rasit ɗin a cikin aljihun tebur da sa hannun yaron. Wannan kuskuren mai shago ne, bashi ne na gaskiya, don haka ya shigar da shi littafi.

Na uku ya fi buƙatar natsuwa. Lamba 361 tana wuri biyun, amma dila ya rubuta 200,000, littafi ya ce 180,000. Katan 20 na sabulu aka rubuta a kan naira 10,000 kowanne, katan 18 suka iso. Abin da ya ceci mai shago shi ne ranar saukewa ya ƙirga a gaban direba, ya rubuta "an karɓi 18" a jikin rasit, direba ya sa hannu. A ganina wannan ɗabi'a ta fi duk abin da ke cikin darasin nan amfani, domin bayan mota ta tashi babu sauran shaida sai maganar baki. Naira 20,000 ɗin nan ana jayayya a kanta. Ba za a biya ta ba, kuma mai shago ba zai iya goge ta shi kaɗai ba. Za ta zauna a rubuce a gefe har dila ya ciko katan biyu ko ya aiko da takardar ragi.

Layin da ya rage a littafi shi ne naira 100,000 da ya tura ta banki daren 30 ga wata, bayan an riga an rufe lissafi a Kano. Babu wanda ya yi kuskure, lokaci ne ya saɓa. Za ta fito a takardar wata mai zuwa, kuma lallai ya duba ta fito.

Yanzu sai haɗawa. A gefen littafi: 375,000 a ƙara 96,000, ya zama 471,000. A gefen dila: 741,000 a cire 150,000 na maimaici, a cire 100,000 da aka tura, a cire 20,000 na katan biyu, saura 471,000. Gefe biyun sun haɗu. Idan naku bai haɗu ba, ku raba abin da ya rage da 9. In ya rabu daidai, ku nemi inda aka juya lambobi, kamar a rubuta 58,000 a madadin 85,000, wanda bambancinsa 27,000 ne.

Da safe ya kira Kano. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, na ga takarda, Allah ya saka da alheri. Lamba 352 mantuwata ce, na shigar. Amma a duba mana 340, ta fito sau biyu, sai kuma katan biyu na 361. Zan turo hoton rasit ɗin da na saƙon banki." Dila ya ce, "To Malam, turo, yaro zai duba."

Aikin gida: littafinku ya nuna 210,000, takardar dila ta nuna 305,000. Kun gano rasit na 60,000 da aka maimaita, da kuma rasit na 35,000 da kuka manta ba ku shigar ba, kayan kuwa sun iso. Ku lissafa gefe biyun, ku rubuta nawa ne ainihin bashin, ku zo da amsa aji na gaba.