Neman rahoto daga wani sashe a ofisoshin Akra

Ɗan'uwa, idan ka samu aikin ofis a Akra, ba za ka yi wata guda ba sai ka buƙaci wasu alƙaluma da ke hannun wanda ba a ƙarƙashinka yake ba. Ba ka da ikon ba shi umarni, shi ma da nasa aikin a gabansa da nasa shugaban. A nan na fara tuntuɓe, a wani kamfanin rarraba shinkafa da man girki da ke da sito a Tema.

Ina sashen sayarwa, manaja ya ce in kawo masa sunayen 'yan kasuwar da za a ƙara wa kaya bashi kafin azumi. Na aika wa wata dattijuwa a sashen kuɗi layi ɗaya, na ce ta turo mini rahoton basussuka da gaggawa. Bayan kwana uku sai ga PDF mai shafi wajen 40, duk wata shiga da fita ta kowane kwastoma tun farkon shekara. Abin da na nema shi ta ba ni. Ban faɗa mata me zan yi da shi ba, ban ce ga siffar da nake so ba, "gaggawa" kuma ba rana ba ce a kalanda.

Kafin ka rubuta komai, tashi ka taka zuwa teburinta ka gaishe ta. Mutanen Gana ba sa wasa da gaisuwa, kamar mu, kuma idan ka shiga ɗaki ka tarar da mutane a jere, daga hannun dama ake fara musabaha. Macen da ta girme ka, "Madam" ko "Anti" za ka ce mata. Ka bayyana buƙatar da baki, ka tambaye ta ko tsarin kwamfutarsu na iya fitar da abin yadda kake so, sannan ka koma ka aika imel. Maganar baki ce ke sa ta karɓi aikin da zuciya ɗaya, imel ɗin kuma shi za ku duba idan aka samu saɓani. Kada ka dogara da saƙon murya a WhatsApp, ba wanda zai koma ya saurare shi don neman kwanan wata.

Dalilin neman rahoton shi ne abin da sababbin zuwa suka fi tsallakewa, wai suna ganin ba ruwan wancan sashe. Alhali shi ke nuna wa mai haɗa rahoton abin da zai saka da abin da zai bari. Da na ce mata ranar Alhamis za a zauna a yanke wa za a ƙara wa bashi, nan take ta ce to ai ba tarihin ciniki nake so ba, jerin basussuka nake so bisa daɗewarsu: wanda bai wuce kwana 30 ba, na 31 zuwa 60, na 61 zuwa 90, da wanda ya haura 90. Ta ƙara da cewa akwai mutum biyu da cakinsu ya taɓa dawowa daga banki, za ta sa musu alama. Wannan ban ma san in tambaya ba.

Sai siffar rahoton. Idan za ka tace, ka jera, ka yi lissafi a kai, ka ce Excel kake so. PDF na wanda zai karanta ne ko ya sa hannu. Ka faɗi cewa kowane kwastoma layi ɗaya, ka lissafo ginshiƙan, ka faɗi ko kuɗin ya haɗa da harajin VAT ko babu, sannan ka faɗi ranar da lissafin zai tsaya. Kuma a rubuta adadi da lambobi, a sidi na yanzu. A 2007 Gana ta sauya kuɗinta, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma har gobe a kasuwar Nima ko Makola za ka ji an ce "miliyan ɗaya" ana nufin sidi 100. Idan wani adadi ya zo maka ta baki daga direba ko mai sito, ka tambaya wane lissafi ake nufi kafin ka saka shi a takarda.

Wa'adi kuwa, rana da ƙarfe za ka faɗa, kuma kada ka sa shi ranar taron. Ka bar wa kanka yini guda na dubawa. Ka kuma san kalandar mutanen sashen kuɗi: makon farko suna rufe littattafan watan da ya wuce, zuwa 14 ga wata dole su biya kuɗin fansho na SSNIT, zuwa 15 su miƙa wa hukumar haraji ta GRA harajin albashi, ranar aiki ta ƙarshe a wata kuma ta VAT ce. Saƙona na farko 11 ga wata ya faɗa mata, tana tsakiyar wannan hidima. Idan wanda zai karɓi rahoton yana Kano ko Yamai, ka ce "agogon Gana", don suna gabanmu da awa ɗaya.

Da Turanci za ka rubuta, amma ga abin da na aika a karo na biyu, ranar Alhamis 17 ga wata:

"Madam, barka da asuba. Kamar yadda muka yi magana ɗazu, ina roƙon jerin basussukan kwastomomin Akra, lissafin ya tsaya a ƙarshen watan jiya. Manaja zai yi amfani da shi a zaman Alhamis 24 ga wata don yanke waɗanda za a ƙara wa kaya bashi. Don Allah a Excel, kowane kwastoma layi ɗaya: suna, jimillar bashi haɗe da VAT, rabonsa bisa kwana 30, 60, 90 da sama, da ranar biyansa na ƙarshe. Ina so ya iso ni Talata 22 ga wata, ƙarfe 12 na rana, don in duba ranar Laraba. Idan ranar ba za ta yiwu ba, ki sanar da ni gobe mu sake shiri. Na gode."

Jimlar ƙarshen nan tana da amfani. Mutane da yawa a nan, saboda ladabi, ba za su ce maka a'a kai tsaye ba, sai su ce za su duba. Idan ka buɗe musu ƙofa, sai su faɗa maka gaskiyar lokacin da za su iya. Game da saka shugabanni a Cc, wato a tura musu kwafin imel ɗin, idan aikin zai ci mata yini ko fiye, ka fara sa shugabanka ya yi wa nata magana. Amma idan ka saka shugabanta ba tare da ta sani ba, za ta ɗauka ƙararta ka kai, kuma rahoto na gaba sai ka sha jira.

Ranar Talata rahoton ya zo kafin azahar. Na fara duba kwanan watan da ke samansa, sannan na ɗauki kwastomomi uku da na san cinikinsu na gwada. Wata hajiya mai shago a unguwar Madina ta Akra an rubuta mata sidi 48,000, ni kuwa na san ta turo 15,000 ta MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya, ranar 2 ga wata. Na koma wurin Madam da lambar rasit ɗin. Ba kuskure ta yi ba, kuɗin ya shigo ne bayan ranar da na ce lissafi ya tsaya. Muka ƙara ginshiƙi ɗaya na abin da aka biya a cikin wannan wata, bashin hajiya ya koma 33,000, kuma ranar Alhamis sunanta na cikin waɗanda aka amince a ƙara wa buhunan shinkafa.