Darasi Na Tara: Yadda Taba Ta Ƙetare Teku

Duk wanda ya taɓa ganin tsoho yana dakan taba gari da ɗan kanwa, ko mace tana goge haƙoranta da furen taba bayan ta ci goro, zai iya ɗauka cewa tun fil azal taba take a ƙasar Hausa. Ba haka ba ne. Asalinta nahiyar Amurka ce, inda mutanen wurin suka daɗe suna noma ta, suna amfani da ita wajen magani da bukukuwan addininsu. Turawa ba su san ta ba sai a shekarar 1492, lokacin da biyu daga cikin mutanen Kolumbus suka shiga tsibirin Kuba, suka tarar da mazauna wurin suna naɗe busasshen ganye suna kunna masa wuta suna zuƙar hayaƙinsa.

Ɗalibin da zai yi rubutu a kan wannan tarihi ya kamata ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato yaɗuwar shan taba da yaɗuwar nomanta. Sha yakan riga noma isa gari, domin matuƙan jiragen ruwa ne suka fara ɗaukar ɗabi'ar daga wannan tasha zuwa waccan, sai da mutanen gari suka saba har ba sa iya bari, sannan manoma suka nemi iri. Irin kuwa ba ya da wuyar ɗauka, saboda ƙanƙantarsa ta kai a sami ƙwaya wajen dubu goma a giram ɗaya. A 1560 jakadan Faransa a Lisbon babban birnin Fotugal, Jean Nicot, ya aika da taba fadar ƙasarsa a matsayin magani, kuma daga sunansa aka samo kalmar nikotin. Zuwa farkon ƙarni na 17 ta riga ta kai Indiya da Japan da Daular Usmaniyya. Sarki James na Ɗaya na Ingila ya yi rubutu yana la'antarta a 1604, Sarki Murad na Huɗu na Daular Usmaniyya kuma ya haramta ta a 1633 har da hukuncin kisa, amma babu wanda ya tsayar da ita.

Misalin da ya fi dacewa a zurfafa a cikinsa shi ne na Bahia da ke Brazil, domin ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Can ana raba taba daraja uku, ana aika masu kyau zuwa Lisbon, amma doka ta hana a kai mai daraja ta uku. Don kada ta bushe ko ta ruɓe, sai a murɗa ta kamar igiya, a shafe ta da baƙin ruwan rake mai kauri, a naɗe ta a ƙunshe cikin fata. Abin mamaki, wannan zaƙi da ƙanshi ya sa masu saye a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, musamman a Wida da ke ƙasar Benin ta yanzu, suka fifita ta a kan kowace irin taba. Da ita fataken Bahia suke sayen bayi, waɗanda ake kaiwa gonakin rake da na taba a Brazil, har ma Turawan Holan da suka riƙe Elmina da ke gaɓar ƙasar Ghana ta yanzu tun 1637 suna karɓar kashi ɗaya cikin goma na tabar kowane jirgi kafin su bar shi ya wuce. A ganina, maƙalar da ta ambaci yaɗuwar taba ba tare da cinikin bayi ba ta bar rabin labarin.

A cikin ƙasa nesa da gaɓar teku kuwa malamai ne suka bar mana shaida. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawa a 1607 yana halatta ta, yayin da wasu malaman zamaninsa suka haramta. Darajar wannan ga mai bincike ita ce kwanan wata, tunda ba a yin fatawa a kan abin da jama'a ba su fara amfani da shi ba.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar sigari a matsayin tsohon abu. Shekaru ɗaruruwa lofe ake sha, ko a tauna ganyen, ko a shaƙi garinsa. Sigari ya yawaita ne bayan James Bonsack ya ƙera injin naɗe shi a wajajen 1880, wanda yake iya fitar da kara dubu 120 a yini, kuma daga wannan layi ne masana'antar taba ta Zariya ta biyo a ƙarni na 20.

Aikin gida: ka zana taswira, ka ja layi daga Bahia zuwa Lisbon da Elmina da Wida, ka rubuta abin da jirgi yake ɗauka a tafiya da abin da yake ɗauka a dawowa.