Yadda Mai Shago Zai Shirya Wa Zuwan Jami'in Haraji

Na daɗe ina taya 'yan kasuwa haɗa lissafin ƙarshen shekara, kuma abin da na fi gani yana jefa mai shago cikin asara shi ne rashin takarda. Jami'in haraji idan ya shigo bai tarar da littafi ba, doka ta ba shi damar yin ƙiyasi. Zai dubi kayan da ke kan kanta, ya dubi kuɗin da suka shiga asusu, ya yanka abin da ya ga dama-dama ne. Ƙiyasin nan kuwa da wuya ya zo ƙasa da gaskiya. Saboda haka shirin duka a kan abu ɗaya yake: ka iya nuna ribarka ta ainihi da takarda, domin harajin kuɗin shiga a kan riba yake hawa, ba a kan duk abin da ya bi ta hannunka ba. Zan ɗauki shagon kayan masarufi a Najeriya, na mutum ɗaya da yaronsa, in bi shi daki-daki.

Mataki na farko: san wanda ke da hakki a kanka

Idan kasuwancin naka ne kai kaɗai, ko da ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, harajin kuɗin shigarka na hukumar tara kuɗaɗen shiga ta jihar da kake zaune ne. Sai in ka yi rajistar kamfani cikakke ne harajin kamfanin yake komawa hannun hukumar tarayya, wadda aka sani da FIRS kafin sabuwar doka ta mayar da ita NRS daga Janairun 2026. Ƙaramar hukuma kuma nata daban ne, irin su kuɗin shago da kuɗin allon talla. Idan ka san wannan rabon, da zarar mutum ya faɗi inda ya fito ka san wane rasidi za ka ɗauko, kuma ba za ka biya abu ɗaya sau biyu ba.

Mataki na biyu: haɗa fayil guda

Sayi fayil na roba mai aljihuna, ka ajiye shi a shago inda bera da yoyon damina ba za su kai gare shi ba. A ciki ka sa kwafin takardar rajista idan kana da ita, lambar harajinka da NIN, rasidan duk harajin da ka taɓa biya, takardar shaidar biyan haraji idan ka taɓa karɓa, yarjejeniyar hayar shago da rasidinta, sai rasidan sarin kaya a jere wata-wata. Na asali su zauna a gida, kwafi a shago. Rasidin na'ura mai siririyar takarda yana gogewa cikin 'yan watanni, musamman a zafin bazara, don haka ɗauki hotonsa da waya ranar da aka ba ka. Kada ka zubar da komai kafin ya shekara shida, domin hukuma na iya komawa baya har tsawon wannan lokaci.

Mataki na uku: littafin ciniki, da tsefe asusun banki

Nan ne aikin yake, nan kuma zan fi daɗewa. Littafi mai kauri na 'yan makaranta ya isa. Kowane dare kafin ka ja ƙofa, rubuta kwanan wata, cinikin tsabar kuɗi, cinikin taransfa da POS, abin da ka saro, da abin da ka kashe saboda shago. Bashin da ka bayar ya samu shafinsa daban. Shinkafa ko man da ka ɗauka zuwa gida ma ka rubuta, amma ka sani cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba sa cikin abin da ake cirewa daga riba. Abin da ake cirewa shi ne abin da aka kashe don a samu cinikin: haya, albashin yaro, wuta da man janareta, dako da kuɗin mota.

Daga nan je banki ka karɓo takardar bayanin asusunka na shekara, ka zauna da jan biro. Duk kuɗin da suka shigo waɗanda ba na ciniki ba ne, ja layi a ƙarƙashinsu ka rubuta asalinsu a gefe: kwasar adashe, rance, kuɗin da ɗan'uwa ya turo a yi masa gini, ko na maƙwabcin da ya ce a tura ta asusunka ka ba shi a hannu. Mu Hausawa mun saba da wannan alfarma, amma a idon mai bincike duk abin da ya faɗa asusun shago ciniki ne har sai ka nuna akasin haka. Nemi abin da zai tsaya maka, ko da saƙon waya ne da mai kuɗin ya turo lokacin.

Ga misali da lambobi. A ce Naira miliyan 30 suka shiga asusun shago a shekara. Da aka tsefe, miliyan 6 na gini ne da adashe, cinikin gaskiya miliyan 24. Kayan da aka sayar an saro su a kan miliyan 20 da dubu 400, wato ribar farko miliyan 3 da dubu 600. Hayar shago dubu 400, albashin yaro dubu 30 a wata wanda ya kama dubu 360, wuta da mai dubu 240, dako dubu 200. Jimillar kashe-kashe miliyan 1 da dubu 200. Abin da ya rage, miliyan 2 da dubu 400, shi ne ribar da haraji zai hau.

A ƙarƙashin dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, dubu 800 na farko ba haraji a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kuma kashi 18. Mai shagonmu zai biya kashi 15 na miliyan 1 da dubu 600, wato dubu 240.

To, a ce ba littafi. Jami'i ya ɗauki miliyan 30 ɗin duka a matsayin ciniki, ya ƙiyasta ribar kashi 15, bai cire haya ko albashi ba tunda ba rasidi. Riba ta zama miliyan 4 da rabi, haraji ya tashi dubu 600. Bambancin dubu 360, albashin yaron shago na shekara cur, ya tafi saboda littafin da ba a rubuta ba. Ka lura dai, shekarun da suka gabaci 2026 da tsohon ma'auni ake lissafa su.

Wani wurin da ake tuntuɓe shi ne kayan da suka rage. Ba duk abin da ka saro a shekara ake cirewa ba, sai wanda ka sayar. Don haka ƙarshen Disamba ka ƙirga abin da ke kan kanta da sito, ka rubuta kuɗinsa a farashin sari, ka sa kwanan wata.

Mataki na huɗu: koya wa yaron shago

Sau da yawa ba ka nan za su zo. Na ga yaron da aka tambaya nawa ake ciniki a rana, shi kuma don ya fito da darajar maigidansa sai ya faɗi cinikin jajibirin Sallah. An ninka wannan lamba da kwanakin shekara, aka sha wahala kafin a gyara. Ka gaya masa aikinsa shi ne ya gaishe su, ya ba su wurin zama, ya ce: "Maigida ne ke riƙe da lissafi, bari in kira shi." Ba ya faɗin lamba, ba ya sa hannu, ba ya miƙa kuɗi.

Mataki na biyar: ranar da suka zo

Karɓe su da fuska, ka kawo ruwa. Bayan gaisuwa ka ce: "Yallaɓai, sannunku da aiki. Don Allah daga wace hukuma, kuma ko zan ga katin shaida da takardar da aka turo ku da ita?" Jami'in gaske ba ya jin haushin wannan tambaya. Rubuta sunansa da ofishinsa, ka duba ko sunan shagonka ne a takardar, wane irin haraji, kuma na wace shekara. Wanda ya ƙi nuna kati, ya hau barazanar garƙame shago nan take sai an ba shi wani abu, ka kira shugaban ƙungiyar kasuwarku ko maƙwabci ya tsaya shaida, ka ce a tafi ofis tare.

Amsa abin da aka tambaye ka, kuma daga littafi. Idan ya ce nawa kake ciniki a wata, kada ka ce "Alhamdulillahi, ana samu", kada kuma ka ce "wallahi ba a komai" alhali kanta cike take. Buɗe shafin ka ce: "Ranka ya daɗe, ga na watan jiya, ga na watan azumi, ga kuma na tsakiyar damina da kasuwa ta kwanta." Abin da ba ka da shi a hannu ka ce: "A ba ni zuwa Alhamis in kawo ofis." Kada ka rage lamba da baki. Idan maganarka ta saɓa wa takardar banki, sauran bayananka na gaskiya ma sun rasa daraja, ga kuma tara a kan bayanin ƙarya.

Idan za su tafi da takarda, ba su kwafi, su rubuta abin da suka karɓa su sa hannu. Duk abin da aka miƙo maka ka sa hannu, karanta tukuna, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Sa hannun cewa ka karɓi takarda daban yake da sa hannun cewa ka amince da kuɗin da aka yanka. Idan karɓa kawai kake yi, rubuta haka kusa da sa hannunka, da kwanan wata.

Maganar "a sasanta" kuwa, ka guje ta. Abin da ka miƙa a hannu ba ya shiga lissafinka a ofis, baɗi za ka tarar da bashin yana nan har da ƙari. Ka ce: "Yallaɓai, a ba ni takardar biya, gobe in Allah ya kai mu zan biya a banki in kawo rasidi." Kuma ka tabbata asusun na hukuma ne, ba mai sunan wani mutum ba.

Mataki na shida: idan takardar ƙiyasi ta iso

Kana da kwana 30 daga ranar da aka miƙa maka ita ka rubuta ƙin amincewa. Ƙorafin baki a ƙofar ofis ba ya tsayar da wannan ƙirge, kuma idan kwanakin suka wuce kuɗin sun tabbata a kanka. Rubuta gajeriyar wasiƙa: ga abin da aka yanka, ga ribata ta gaskiya, ga harajin da na yarda ina da shi, ga dalilaina. Haɗa da kwafin littafi da takardar banki mai jan layi. Kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya, ka dawo da ita fayil. Idan ba a daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji.

Sannan ka riga su: mai kasuwancin kansa yana miƙa bayanin kuɗin shigarsa na bara kafin ƙarshen Maris. Mai shagon misalinmu, idan ya kai nasa a Fabrairu ya biya dubu 240 ɗinsa, ranar da jami'i ya leƙo rasidin nan ne zai fara fitowa daga aljihun farko na fayil.