Yadda Ake Tsara Ranar Ɗaukar Fim a Zariya Ba Tare da Dogaro da Wutar Nepa ba

Wanda zai tsara ranar ɗaukar fim a Zariya ya kamata ya ɗauka tun farko cewa ba za a sami wutar Nepa a ranar ba, domin jerin fitowa da adadin fitilu da lokacin kiran kowane ɗan wasa duk a kan wannan za su ginu. Saboda haka takardar kiran aiki, wadda ke sanar da kowa lokacin zuwansa da jerin aikin ranar, ita ce abu na ƙarshe da ake rubutawa, ko da yake ita ce abu na farko da ma'aikata suke gani. Misalin da za mu bi shi ne na gajeren fim da ake son ɗaukar fitowa biyar daga cikinsa a rana ɗaya ta watan Disamba, huɗu a wani gida a Tudun Wada, ɗaya kuma a bakin titi kusa da Ƙofar Doka.

Mataki na farko shi ne a zauna da rubutun labarin a fitar da abin da kowace fitowa take buƙata: a ciki take ko a waje, rana ce ko dare a labarin, su wa za su fito, wace sutura za su saka, kuma wane kaya ne zai kasance a hannunsu. A misalinmu fitowa ta 3 a tsakar gida take da safe, uwa da 'yarta suna magana. Ta 9 a ƙofar gida ce, wani baƙo yana sallama. Ta 4 da ta 12 duk a ɗakin uwar suke, ta farko da rana, ta biyu da dare. Ta 14 ita ce ta bakin titi da yamma.

Daga nan sai a ƙiyasta lokaci, kuma a nan ne yawancin tsare-tsare suke rushewa. An saba cewa shafi ɗaya na rubutun fim yana daidai da kimanin minti ɗaya a allo, to amma yawan shafuka ba ya nuna tsawon aikin ɗauka. Abin da ke cin lokaci shi ne sauya mazaunin kyamara, domin duk lokacin da aka ɗaga ta sai an gyara fitila, an duba sauti, an sake gwaji. Don haka sai darakta da mai ɗaukar hoto su ƙirga mazauni nawa kowace fitowa take so. A ce ta 3 tana da huɗu, ta 9 uku, ta 4 huɗu, ta 12 uku, ta 14 uku, jimilla 17 ke nan. Ƙaramar tawaga da ta saba aiki tare tana iya ware wa kowane mazauni minti 25, wanda ya ba da minti 425, wato awa bakwai da 'yan mintoci. Wannan lissafin bai haɗa da salla da abinci da tafiya daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka ba. Idan adadin ya haura awa takwas, gara a rage fitowa ɗaya tun a takarda da a rage ta da ƙarfe biyar na yamma, lokacin da rana ta riga ta yanke hukunci.

Mataki na biyu shi ne jera fitowar, kuma ba a bin tsarin da suka zo a labari. Rana ake fara dubawa. A watan Disamba rana tana fitowa a Zariya wajen bakwai saura kwata, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe shida, kuma hasken da ya fi kyau ga fuska shi ne na safe da na bayan La'asar. Da tsakar rana haske yana saukowa daga sama, ya bar inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hula, fuskar da ke cikin mayafi kuwa sai ta duhunta yayin da farin bango yake ƙuna a bayanta. Saboda haka fitowa ta 3 za ta fara da bakwai da rabi ta ƙare tara da minti goma, ta 9 ta biyo baya zuwa goma da minti ashirin da biyar, alhali ba a kunna fitila ko ɗaya ba sai allon mayar da haske. Sa'an nan a shiga ɗaki a ɗauki ta 4 da ta 12 a jere zuwa ɗaya da minti ashirin. Ba a jira dare domin ta 12. Baƙin ƙyalle mai kauri ake rufe taga da shi daga waje, a toshe ƙasan ƙofa, a sauya fitilu. Bayan Azahar da abinci za a sami kimanin awa ɗaya da rabi kafin La'asar, kuma kada a cusa wani aiki a wannan tazarar, domin ita ce za ta shanye duk jinkirin da aka yi da safe, a cikinta kuma za a kwashe kaya zuwa Ƙofar Doka. Ta 14 sai ta fara da huɗu da minti ashirin, ta ƙare kafin shida saura kwata.

Amfanin wannan jerin shi ne buƙatar wuta ta taru a wuri ɗaya, wato minti 175 na cikin ɗaki, kusan awa uku. Illarsa kuwa ita ce uwar za ta sauya sutura tsakanin fitowar da ba sa bin juna a labari, don haka dole mai kula da kwantiniti, wato daidaiton sutura da kaya tsakanin fitowa da fitowa, ya ɗauki hoton ɗaurin ɗankwali da zobe da inda aka ajiye buta kafin a tashi daga kowace fitowa.

Mataki na uku, wanda ya fi buƙatar natsuwa, shi ne lissafin wuta. A duba bayan kowace na'ura a rubuta wat ɗin da take ja. A misalinmu akwai fitilar LED ɗaya mai wat 300 da biyu masu wat 100, jimilla 500, sai cajojin batir da kwamfuta da ƙaramin allon dubawa da za su kai kimanin 300. Buƙata ta zama wat 800. Janareta da aka rubuta wa 2.5kVA ba wat 2,500 yake bayarwa ba. Ana ninka adadin da 0.8, a sami kimanin wat 2,000, kuma bai kamata a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na hakan ba, wato 1,500. Zai ɗauki aikinmu cikin sauƙi, muddin ba a bar mai kula da sutura ya jona dutsen guga ba, domin shi kaɗai yana iya jan wat 1,000 ko fiye, kuma yana jan wutar ne yana saki, abin da ke sa fitila ta yi ƙasa ta dawo a tsakiyar ɗauka. A goge sutura tun daren jiya.

Matsalar janareta ita ce ƙara. A tanadi waya mai kauri, mai tsawon mita 30 zuwa 50, a kai injin bayan katanga ta yadda salansa zai fuskanci nesa da ɗakin, kuma a warware wayar gaba ɗaya daga naɗinta, domin wayar da aka bari a naɗe tana ɗaukar zafi. Kada a shigar da shi zaure ko wani ɗaki da sunan rage ƙara, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri. Man da zai sha kuwa a auna shi da gwaji kwana ɗaya kafin aiki: a cika tanki, a jona fitilun, a bar shi awa ɗaya, a ga lita nawa ta tafi, sa'an nan a sayi ninki biyu na abin da awa uku za su ci.

Idan akwai babban batir na ajiyar wuta mai 1000Wh, wato wanda a rubuce zai ba da wat 1,000 na awa ɗaya, abin da za a iya mora daga gare shi bai wuce kimanin 850 ba, wanda zai riƙe fitilu masu wat 500 na awa ɗaya da minti arba'in. Bai isa awa uku ba, amma ya isa a kashe janareta a lokacin da ake ɗaukar maganganu masu sanyin murya na fitowa ta 12, a bar injin ga lokacin gyaran fitila da gwaji. A gwajin nan na jajibere sai a duba hoton a kyamara: wutar Najeriya 50Hz ce, don haka idan ana ɗauka a kan 25fps, wato hoto 25 a daƙiƙa ɗaya, sai a sa shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto, a 1/50 na daƙiƙa. Idan duk da haka aka ga baƙaƙen layuka suna tafiya a hoto, ko haske yana bugawa, to gudun injin ba ya tsayawa daidai, ko fitilar ce mara inganci, kuma a ranar gwaji ya kamata a gano wanne ne.

Kawo wutar Nepa a tsakiyar fitowa yana ɓata aiki kamar yadda ɗauke ta yake yi. Ƙwan ɗaki zai kama da wani launi daban, fanka ta fara juyawa, firji ya soma gurnani. Don haka a kashe makunnan ɗakin, a cire firjin daga soket da izinin masu gida, a kuma rubuta sunan wanda zai mayar da shi. Haka nan idan aka ɗauke wuta maƙwabta za su tayar da injinansu, sautin bayan magana ya sauya tsakanin mazauni da mazauni. Mai ɗaukar sauti ya naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya a kowane yanayi domin mai tace fim ya sami abin ɗinke gaɓoɓin, idan kuma akwai injin markaɗe a layin, a je a yi magana da mai shi tun jiya a san lokacin da yake tayarwa.

Mataki na ƙarshe shi ne rubuta takardar kiran aiki, shafi ɗaya tak. A samanta a sa sunan fim da kwanan wata da kwatancen gidan da alamar da kowa ya sani, da lambar mataimakin darakta, da lokacin fitowar rana da faɗuwarta, da asibiti mafi kusa da kowane wuri, misali Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ga masu aiki a cikin birni. A tsakiya a jera fitowa kamar yadda za a ɗauke su, 3, 9, 4, 12, 14, kowacce da lokacinta da 'yan wasanta, a kuma ƙara layin da ke nuna wutar da za ta yi amfani da ita: rana, janareta ko batir. Lokacin kira ya bambanta. Masu kyamara da fitila ƙarfe shida da rabi, uwa da 'yar su ma shida da rabi saboda kwalliya, baƙon fitowa ta 9 takwas da rabi, 'yan wasan bakin titi kuwa kai tsaye Ƙofar Doka da uku da rabi, tun da kiransu da asuba ba zai haifar da komai ba sai gajiya da ƙarin kwanon abinci.

A ƙasan takardar a rubuta abin da za a yi idan tsari ya karye, da sunan mai yanke shawara. Idan janareta ya ƙi tashi da goma da rabi, za a matso da fitowa ta 4 kusa da taga a ɗauke ta da hasken rana da allon mayar da haske, a ajiye batir gaba ɗaya domin ta 12, mai kula da inji kuma ya kira makanikin da aka riga aka rubuta lambarsa. Idan hazo ya yi kauri har rana ta dushe da wuri, za a fara ta 14 da mazauni mai faɗi wanda ke nuna titi, a bar na kusa da fuska a ƙarshe domin ƙaramar fitilar batir tana iya cike su. A tura takardar ta WhatsApp kafin Isha'i, a nemi kowa ya amsa cewa ya gani, wanda bai amsa ba a kira shi. A kuma buga kwafi biyar ko shida a takarda, ɗaya a manna a zaure, domin da rana wayoyin ma'aikata za su mutu, soket ɗin janareta kuma na cajin batiran kyamara ne.