Injin Jirgin Dakon Mai da Farfelarsa: Inda Masu Koyo Ke Yin Tuntuɓe

Wanda ya taso a garejin mota, ranar da ya fara shiga ɗakin injin babban jirgin dakon mai, giya yake fara nema. Babu ita, babu kuma kuloci. Karanshaf ɗin injin a ɗaure yake da sandar ƙarfen da ta ratsa ta bayan jirgi, farfela kuma a ƙarshenta take. Inji ya juya sau ɗaya, farfela ta juya sau ɗaya. Kusan duk kuskuren da masu koyo ke yi, daga mance wannan yake tasowa.

Na farko, da zarar an ce inji ne mai bugu biyu sai a tuna da ƙaramin janareto da ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Abin da ya haɗa su kawai shi ne wuta na tashi duk lokacin da fistin ya kai sama. A injin jirgi, iskar da tabocaja, wato na'urar cusa wa inji iska, ta matso tana shigowa ta ramukan da ke gindin silinda, ta kori hayaƙi ya fita ta bawul guda ɗaya da ke can bisa. Man shafa bangon silinda daban, man karanshaf daban, akwai shamaki a tsakaninsu.

Sai masu ganin juyi 70 a minti kamar lalaci ne. Ɗauki samfurin G80ME-C na kamfanin MAN: faɗin silindarsa santimita 80, fistin kuma yana tafiyar mita 3.72 daga sama zuwa ƙasa. A juyi 72, yana cin kusan mita 9 kowace daƙiƙa, daidai da fistin motar da injinta ke juyi 3,000. Farfela ce ke son a bi ta sannu. Faɗinta ya kai mita 10, kuma ta fi cin riba idan ta tura ruwa mai yawa a hankali. In aka gaggauta ta, kumfa za ta yi ta fashewa a jikin fukafukanta tana cinye ƙarfen.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na lissafi. A kan ɗauka rabin juyi rabin ƙarfi ne. Ina! Ƙarfin da farfela ke nema yana bin juyi ne a ninka shi a kansa sau uku. A ce inji yana ba da kilowat 24,000 a juyi 70. Sauko da shi zuwa 56, wato kashi 80 cikin ɗari: 0.8 × 0.8 × 0.8 ya ba da 0.512, kilowat 12,300 ke nan ko kusa da haka. Juyi 14 kacal aka rage, amma kusan rabin ƙarfin ya tafi, man da ake ƙonawa ma haka. A juyi 35 kuwa, 3,000 ne kawai.

Amfanin lissafin a wurin aiki yake. In ka ga juyi na nan a 56 amma inji na jan mai fiye da yadda ya saba, zafin hayaƙi kuma ya hau a duk silindojin tare, kada ka yi saurin kwance famfon mai. Duba waje tukuna: ko gansakuka da ƙananan halittun teku sun manne wa jikin jirgi da farfela, ko iska da igiyar ruwa na tare gaba, ko an shiga ruwa marar zurfi. Farfela ce ta yi nauyi. Maganin a rage juyi, a kuma nemi wankin jirgi. In silinda ɗaya ce tak zafinta ya bambanta da na sauran, to nan ne za a zargi bawul ɗinta ko bututun fesa mata mai.

Batun ribas kuma, tunda ba a iya karkatar da fukafukan farfelar, injin kansa ake tsayarwa a tayar da shi ta baya. Iska mai matsin bar 30 ake saki cikin silindoji har ya ɗauki juyi, sannan a ba shi mai. Ƙa'ida ta ce tankunan iskar su isa tayarwa 12 a jere ba tare da an ƙara cika su ba, saboda haka mai yawan gaba da baya a bakin tasha ya riƙa kallon agogon iska. Sannan in jirgi na cikin gudu, ruwa na ci gaba da juya farfela ko an yanke mai. Sai an jira juyin ya sauko sosai, in ba haka ba iskar ta tafi a banza.

A jirage da yawa akwai wani tazarar juyi da aka yi wa jan layi a agogo. A nan bugun silindoji ke dacewa da murɗawar sandar farfela, har ka ji ƙarfe na rawa a tafin ƙafarka. Sabon shiga sai ya tsorata ya tsaya a ciki yana lallaɓawa, alhali zaman nan ne ke gajiyar da sandar har ta tsage. Ana ƙetare shi ne da sauri, a hawa da a sauka.