Sabunta manhaja ba tare da ƙarar da data ba

Jama'a, kada ku riƙa barin manhajarku ta tsufa sosai kafin ku sabunta ta. A Play Store, idan sabon salo ya fito, ana kwatanta shi da wanda ke wayarku, sai a aiko muku da bambancin kawai, wato faci, wayar ta ɗinke shi da tsohon fayil. Misali, manhaja mai megabayit 100, in gyaran kaɗan ne, wataƙila megabayit 15 za ku sauke.

Amma sai tsohon fayil ya dace daidai da wanda aka yi facin dominsa. In kun goge manhajar kun sake sakawa, gaba ɗayanta za ta sauko. Haka ma in salonku ya yi nisa a baya, facin yakan yi girma. Ku duba girman da aka nuna kafin ku danna Update.